Karen Waye Ya Cije Ka? Sharhi Kan Mafarkin Cizon Kare Da Saɓanin Fassararsa

Wani ƙanin mahaifina, wanda ya shafe shekaru yana sayar da kayan masarufi a wata kasuwa ta cikin gari, ya taɓa yin mafarki guda har sau uku a cikin mako ɗaya. Yana ganin kansa cikin wani lungu da dare, sai wani jan kare ya fito daga bayan katanga ya biyo shi. Yana so ya ruga amma ƙafafunsa sun yi nauyi kamar wanda ke tafiya cikin taɓo, har karen ya cim masa ya cafki gefen babbar rigarsa ya yage ta. A dukkan dararen ukun haƙorin karen bai taɓa fatarsa ba, jini bai fita ba, kuma yakan farka ne gab da kiran sallar asuba, jikinsa sharkaf da gumi. Kafin mako ya zagayo Baffa ya ji fassara uku daga bakin mutum uku: uwargidansa ta ce jifa aka yi masa, wani abokinsa na majalisa ya ce yaron shagonsa ne ke cin amanarsa, malamin da ya je wa kuwa bai ba shi amsa ba sai da ya yi masa tambayoyi. Wannan saɓani shi ne abin dubawa, domin kowace fassara tana da tushen da ta fito, kuma tushen ba ɗaya ba ne.

Abin da ya sa mafarkin kare ya fi na maciji ko na kura wuyar fassara shi ne matsayin karen kansa a idon mutane bai tsaya wuri ɗaya ba. Maciji maƙiyi ne a ko'ina aka gan shi, amma kare yana da fuska biyu tun a cikin Alƙur'ani. A Suratul A'araf, aya ta 176, an buga misali da shi ga mutumin da aka ba ilimi ya watsar ya bi son zuciya, wanda ko an kore shi ko an ƙyale shi lallage harshe yake yi. A Suratul Kahfi, aya ta 18, sai ga shi ya miƙe ƙafafunsa na gaba a bakin kogo yana tare da samarin da suka gudu da imaninsu, kuma a aya ta 22 ana ƙidaya shi tare da su. A Suratul Ma'ida, aya ta 4, an halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo. Haka nan a fiƙihu, mazhabar Malikiyya da mafi yawan Hausawa ke bi tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, tana kallon wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau bakwai a matsayin bin umarni, alhali wasu mazhabobi suna ganin najasa ce ta sa aka wanke.

Harshenmu ma bai yanke hukunci ɗaya a kansa ba. Idan aka kira mutum kare an zage shi zagi mai muni, kuma idan aka ce wane karen farautar wane ne ana nufin ya zama abin da ake cuna wa mutane. Amma mafarauci da makiyayi sun san cewa akwai daren da ba su da abin dogaro bayan Allah sai karensu. Tun a Bagadaza ta ƙarni na goma, wani marubuci mai suna Ibnul Marzuban, wanda ya rasu a shekarar 921, ya tara labarai da waƙoƙi a wani ɗan littafi da ya fifita karnuka a kan da yawa daga masu sa tufafi, kuma hujjarsa ita ce riƙon amana. Saboda haka duk wanda ya ga kare a mafarki ya ga dabbar da za ta iya zama ƙasƙantaccen maƙiyi, ko mai gadi, ko aboki, kuma hoton shi kaɗai ba ya nuna wanne ne a ciki.

Littattafan fassarar mafarki da almajiran ilimi ke saye a kasuwanninmu galibi biyu ne. Akwai wanda ake jingina wa Muhammad bin Sirin, tabi'in da ya rasu a Basra a shekara ta 110 bayan Hijira, kodayake masu bincike sun daɗe suna nuna cewa ba shi ya rubuta shi da hannunsa ba, tarin maganganu ne da aka haɗa bayan zamaninsa. Akwai kuma Ta'aɗirul Anam na Abdulgani Annabulsi, malamin Dimashƙa da ya rasu a shekarar 1731, wanda ya jera abubuwan da ake gani a mafarki bisa tsarin haruffa. Wanda ya buɗe babin kare a waɗannan littattafai zai tarar da cewa ma'anar da ta fi yawa ita ce wawan mutum mara mutunci, ko maƙiyi mai rauni. Haushin kare shi ne jin mummunar magana daga bakin wanda bai kai ya kawo ba. Cizo ko yakushi cuta ce da za ta sami mai mafarkin gwargwadon zafin da ya ji, wani lokaci kuma rashin lafiya. Yaga tufafi kuwa cin mutunci ne da yi da mutum a bayan idonsa, domin tufa sutura ce.

Abin lura a nan shi ne, fassarar da ta fi yawo a bakin mutane a yau, cewa cizon kare yana nufin aminin mutum ne zai ci amanarsa, ba ita ce ginshiƙin waɗannan littattafai ba. Suna ambaton kare a matsayin aboki ko mai gadi, har sun ce wanda ya ga ya yi matashin kai da kare yana da abokin da yake neman taimako a wurinsa, amma sun raba wannan da karen da ke kai hari. Rabuwar ta fi fitowa fili a wani tsohon littafi na Girkawa wanda Artimidoras ya rubuta a ƙarni na biyu miladiyya, aka kuma fassara shi zuwa Larabci a zamanin Abbasawa, fassarar da ake jingina wa Hunainu bin Is'haƙ wanda ya rasu a shekarar 873, kuma masu fassarar mafarki na Musulmi suka ɗauki abubuwa da dama daga cikinsa. Shi ya kasa karnuka kashi-kashi: na farauta suna nuni ga abin da mutum ke samowa daga waje, na gadi suna nuni ga iyali da dukiyar gida. Sannan ya yi wata magana da ta saɓa wa tunanin da yawanmu, wato idan karen wani ne ya zo yana kaɗa wa mutum wutsiya yana shafa jikinsa, wannan ne alamar makirci da yaudara, wanda ya yi haushi ko cizo kuwa gaba ce a fili.

Ma'anar wannan tana da sauƙin kamawa idan aka tsaya aka duba. Ba a cin amana sai inda aka ba da ita. Karen da mutum ya raina tun yana kwikwiyo, ya ba shi ƙanzo da hannunsa, in ya juyo ya cije shi, hoton cin amana ya cika, domin ya ciji hannun da ke ciyar da shi. Amma karen lungu da bai taɓa sanin mutum ba, in ya bi shi ya yage masa riga, babu alkawarin da ya karya, abin da aka san shi da shi ya yi. A ƙasashen da kare ke kwana a ɗaki ɗaya da ubangidansa ana kiransa da suna kamar ɗan gida, dole ne cizonsa a mafarki ya zama cin amana, kuma daga can wannan fassara ta yaɗu ta hanyar rubuce-rubucen da ake kwafowa ana watsawa a waya. A wurin ɗan birnin Kano ko Zariya da bai taɓa kiwon kare ba, wanda in kare ya matso kusa da shi sai ya tattare rigarsa, ɗora masa wannan fassara ɗinka masa rigar da ba a auna da jikinsa ba ne. A wurin mafarauci ko Bafulatanin ruga kuwa tana iya zama daidai.

Wannan ita ce tambayar farko da malamin ya yi wa Baffa, bayan sun gaisa ya zayyana masa abin da ya gani. Ya ce, "Alhaji, karen nan naka ne ko na wani?" Baffa ya ce, "Allah gafarta malam, ni ban taɓa ajiye kare ba, kuma wannan ban san shi ba." Malamin ya tambaye shi ko cizon ya kai ga nama, ya ce riga kaɗai ya kama. Ya tambaye shi ko a cikin mafarkin ya ga fuskar wani mutum, ko ya ji an ambaci wani suna, ya ce babu. Sai malamin ya ce, in ma za a bi abin da littafi ya faɗa, iyakar abin da za a ce shi ne wani mara mutunci yana taɓa sunansa a bayan ido, kuma babu ɗan kasuwar da ya kai shekarunsa a kasuwa da ba a yi masa haka. Maganar yaron shago kuwa babu ita a cikin mafarkin, daga bakin mai fassara ta shigo.

Abokin majalisar ba mugun nufi ya yi ba, kuma hanyar da ya bi ita ce hanyar da yawancin mutane ke bi ba tare da sun lura ba. Ya san kare dabba ce da ke ci a hannun mutum, ya duba rayuwar Baffa ya nemi wanda ke ci a hannunsa, sai ya tsaya a kan yaron da ke riƙe da makullin shago, ya kuma ƙarfafa maganarsa da cewa da ɗan gari akan ci gari. Kuskuren yana wurin tsallakawa daga siffa zuwa suna. Littattafan da kansu suna tsayawa ne a kan siffa, su ce mutum ne mai hali kaza, ba su da hanyar nuna wane ne, kuma duk wanda ya cike wannan gurbi da suna ya ɗauko sunan ne daga zargin da ke ransa ko ran mai mafarkin tun kafin a kwanta barci. Da mace ce ta yi mafarkin, da kishiya aka ambata. Da ma'aikaci ne, da abokin aikin da suke neman ƙarin girma ɗaya. Karen bai canza ba, wanda ake jin haushi ne ya canza.

Malaman da suka san fannin sun yi ta jan kunne a kan wannan. Ana ba da labarin mutum biyu da suka zo wa Ibnu Sirin kowannensu ya yi mafarkin yana kiran salla, ya ce wa na farko zai yi aikin Hajji, ya ce wa na biyu za a kama shi da sata, saboda ya dubi halin kowanne ya ɗauki ayar da ta dace da shi, ɗaya daga Suratul Hajji, ɗaya daga Suratu Yusuf inda mai shela ya kira ayari da ɓarayi. Ko labarin ya tabbata ko bai tabbata ba, ƙa'idar da yake koyarwa ita ce wadda fannin ya ginu a kanta, cewa hoto ɗaya yana ba da ma'ana biyu gwargwadon mai ganinsa. An kuma ruwaito cewa an tambayi Imam Malik ko kowa na iya fassara mafarki, ya mayar da tambaya cewa shin da annabci ake wasa. Akwai ma wani labari a littattafan tarihin yaƙoƙin Annabi (SAW) da ke nuna yadda hoton kare kan juye gaba ɗaya, inda Sayyidina Abubakar ya yi mafarki a hanyar buɗe Makka cewa wata karya ta fito tana yi musu haushi, da suka matso sai ta kwanta rigingine nono yana zuba daga jikinta, aka fassara masa da cewa zafin gabar mutanen Makka ya tafi, alherinsu ya gabato.

Fassarar uwargida, wato jifa ko sammu, tana da nata tushen, kuma ita ce ta fi kama zukatan mutane a ƙasar Hausa. Masu ruƙiyya da yawa suna sa mafarkin karnuka, musamman baƙaƙe, a cikin alamomin shafar aljani ko sihiri, suna dogara da hadisin Abu Zarri da Muslim ya ruwaito wanda ya kira baƙin kare shaiɗan. Sai dai hadisin ya zo ne a kan abin da ke gittawa gaban mai salla a farke, kuma ɗaukar sa a mayar da shi ma'aunin gano sihiri ta mafarki ƙari ne da mutane suka yi. Abin da ya zo a fili game da mummunan mafarki ya fi wannan sauƙi. Hadisin Abu Huraira ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa. Hadisin Abu Ƙatada a Buhari da Muslim ya ce wanda ya ga abin da yake ƙi ya yi tofi a hagunsa sau uku, ya nemi tsarin Allah, kada ya gaya wa kowa, ba zai cuce shi ba. A wata ruwaya ya juya kwanciyarsa, a wata kuma ya tashi ya yi salla. Har mutumin da ya zo ya ce ya ga an sare kansa yana bin sa da gudu, ba a fassara masa ba, an hana shi ba da labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi ne.

Idan aka auna mafarkin kora da cizo da wannan ma'auni, za a ga mafi yawansa ba ya cikin kashin da ake nema wa fassara tun farko. Kuma ko a cikin littattafan fassarar, gudu da tsoro ba kullum suke nufin sharri ba, domin akwai ƙa'idar da ke cewa tsoro a mafarki aminci ne a farke, gudu daga maƙiyi kuma tsira ce, suna kafa hujja da maganar Annabi Musa a Suratus Shu'ara, aya ta 21, cewa ya gudu lokacin da ya ji tsoro sai Ubangijinsa ya ba shi hukunci. Wannan ya nuna cewa mutum biyu masu riƙe da littafi ɗaya suna iya ba da fassara biyu masu karo da juna ga wanda kare ya kora, ɗaya ya tsaya a babin kare ya ce maƙiyi, ɗaya ya tsaya a babin gudu ya ce tsira.

Sauran tambayoyin malamin sun karkata ne ga jikin Baffa da harkokinsa, kuma a nan ne maganarsa ta haɗu da abin da masu nazarin barci suka gano ta wata hanya daban. Tun a shekarar 1953 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Shikago, Aserinsky da Kleitman, suka bayyana wani mataki na barci da idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatar ido, wanda a cikinsa ne ake yin mafi yawan mafarkai masu kama da gaske. Matakin yana dawowa kusan bayan kowane minti 90, kuma yana ƙara tsawo yayin da asuba ke gabatowa, shi ya sa Baffa yake farkawa a wannan lokaci, ba don lokacin shi kaɗai ya tabbatar da gaskiyar mafarkin ba. A cikin wannan mataki ƙwaƙwalwa tana ɗaure gaɓoɓin jiki don kada mai barci ya aikata abin da yake gani, kuma masana da dama suna danganta nauyin ƙafa da kasa gudu a mafarki da wannan ɗaurin. Idan mutum ya farka ɗaurin bai sake shi ba, shi ne abin da muke kira dannau. Uwargida ta ɗauki nauyin ƙafar a matsayin shaidar an ɗaure mijinta, alhali abu ne da kusan duk wanda aka taɓa kora a mafarki ya sani, a kowace ƙasa yake.

Mafarkin kora yana cikin mafarkan da mutane suka fi ba da labari a duk inda aka yi bincike, kuma yara sun fi manya ganin dabbobi a cikinsa. A shekarar 2000 wani masani ɗan ƙasar Finlan, Antti Revonsuo, ya kawo ra'ayin cewa irin wannan mafarki atisaye ne da ƙwaƙwalwa ke yi na fuskantar haɗari, ra'ayin da ba duk masana suka yarda da shi ba amma ya yi bayanin yawan kora da hari a mafarki. Tambayar da ta rage ita ce dalilin da ya sa kare ne ke korar, ba zaki ko damisa ba, kuma amsar tana cikin rayuwar yau da kullum. Yawancinmu ba mu taɓa haɗuwa da zaki ba, amma da wuya a sami wanda kare bai taɓa bi ba a hanyar makarantar allo da asuba ko a bakin wani gida da aka aike shi. Ga kuma ciwon haukan kare, wanda kusan duk wanda alamunsa suka bayyana a jikinsa ba ya tashi, kuma labarinsa yana cikin abin da ake tsorata yara da shi. Idan ƙwaƙwalwa tana neman surar da za ta sanya wa fargaba, kare ne mafi kusa da hannu. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu.

Da aka bi ta wannan hanya, abubuwa uku suka fito a labarin Baffa. A makon da ya yi mafarkin yana fama da zazzaɓi, kuma zazzaɓi sananne ne wajen kawo mafarkai masu firgitarwa, shi ne kuma dalilin gumin. Maƙwabcinsa ya kawo karen gadi ba da daɗewa ba, wanda ke kwana yana haushi, kuma ƙarar da ke shiga kunnen mai barci takan shiga cikin mafarkinsa ta zama wani ɓangare na labarin. Na uku, wanda shi ne bai so ya faɗa ba sai da aka matsa, akwai wani dila da ya ba shi kaya bashi, wa'adi ya wuce, kuma ya yi kwanaki yana sauya hanya don kada su haɗu. Mutumin da yake tsoron a tsare shi a tsakiyar kasuwa a ci masa mutunci ya yi mafarkin ana bin sa ana yage masa riga. A ganina wannan ne bayani mafi kusa, kuma abin sha'awa shi ne bai yi nisa da abin da tsohon littafi ya faɗa game da yaga tufafi ba, sai dai littafin yana kallon abin a matsayin labarin abin da zai faru, mai nazarin barci kuma yana kallon sa a matsayin hoton abin da mutum ke tsoron ya faru.

Ba ina cewa duk mafarkin cizon kare babu amana a cikinsa ba. Mutum yakan lura da ƙananan abubuwa a farke, kamar sauyin fuskar aboki ko lissafin da bai cika ba, ya ƙi yarda da su saboda kunya ko ƙauna, sai su fito masa da dare a surar karen da ya sani yana cizon hannunsa. A irin wannan hali mafarkin shaida ne a kan cewa mai shi yana zargi, ba shaida ba ne a kan cewa wanda ake zargin ya aikata, kuma hanyar tantancewa ita ce littafin shago da ƙidayar kaya. Akwai kuma wani nau'i da ya kamata a raba shi da sauran, wato mafarkin da ke maimaita wani abu da ya faru da gaske, kamar wanda kare ya taɓa ciza ko 'yan bindiga suka taɓa kora, yana dawowa dare bayan dare har mutum ya ji tsoron kwanciya. Wannan ba fassara yake buƙata ba, likita yake buƙata, kuma akwai hanyar da ake bi inda ake sa mai mafarkin ya sauya ƙarshen labarin da rana, ya riƙa maimaita sabon hoton a ransa na 'yan mintoci kullum, har mafarkin ya ragu.

Malamin ya umarci Baffa ya nemi maganin zazzaɓinsa, ya riƙe addu'ar barci, ya je ya sami mai bin sa bashi su yi magana, ya kuma daina ba da labarin mafarkin. Ya yi ukun farko, kuma karen bai sake dawowa ba, amma na huɗun ya riga ya wuce, domin magana ta fita tun ranar da aka yi ta a majalisa. Duk da haka maganar abokin ta tsaya masa a rai, sai ya rufe shago wata ranar Juma'a da yamma ya ƙidaya kaya ɗaya bayan ɗaya tare da babban ɗansa, ba tare da yaron ba. Giɓin da aka samu kaɗan ne, kuma an same shi a littafin bashi, a rubuce da hannun Baffa kansa, kayan da ya ba wasu 'yan'uwa ya manta. Yaron, wanda ya shekara shida a shagon, ya ji daga bakin yaran maƙwabtan rumfa dalilin da ya sa aka yi ƙidayar ba da shi ba. Bai ce komai ba, ya ci gaba da buɗe shago da safe yana rufewa da yamma, amma ya daina karɓar makulli ya tafi da shi gida, kullum sai ya miƙa wa Baffa a hannu. Bayan sallar layya ta wannan shekara ya zo ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ina neman izini, zan koma gida in taya mahaifina noma," kuma bayan wata biyu aka gan shi yana tsaron wani shago a ɗaya ɓangaren kasuwar.